Bonas ɗin ƙarshen shekara: me ya sa harajin da ake cirewa yake ninka na kowane wata?

'Yan uwa mazauna kudu, na Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan, da na Fatakwal da Lokpanta. Daga Jalingo nake rubuto muku. Ni ɗan mai sayar da shanu ne, mahaifina daga kasuwar Iware yake lodi zuwa kudu, kuma tun da na gama sakandare ni ke riƙe masa littafin lissafi. Ban karanci haraji a makaranta ba. Abin da ya sa na zauna na koyi wannan lissafin shi ne rigimar da ta taso a gidanmu a watan Disambar 2025, kuma na san da yawanku da ke gadi ko tuƙi ko aikin sito a kamfanoni kun taɓa cin karo da irinta.

Yayana yana aikin kula da sito a wani kamfani a nan Jalingo, albashinsa naira 200,000 a wata kafin a cire komai. Aka sanar da su cewa za a ba kowa albashin wata guda a matsayin bonas, abin da wasu ke kira albashin wata na goma sha uku. Muka yi shawara ni da shi za mu haɗa kuɗi mu sayi ɗan bijimi mu ɗaure don kiwo, kasonsa 200,000. Har na yi wa dillali magana. Ranar da alat ya shigo, sai ya ga 335,649, alhali shi 369,249 yake jira, wato abin da ya saba karɓa da kuma dubu ɗari biyu cif a kai. Naira 33,600 sun yi ɓatan dabo.

Ya kawo mini takardar albashin yana huci. Layin da aka rubuta PAYE, wanda kullum 18,751 ne, ya koma 52,351. Ya ce, “Kai da ka iya lissafi, duba mini nan. Akantan nan ya cuce ni.” Na ce, “Yaya, bari mu bi shi a hankali kafin ka je ka yi faɗa da mutum.” Kwana biyu na yi ina bin abin, kuma a ƙarshe ta tabbata akanta bai ci ko kwabo ba. Lissafinsa daidai ne har zuwa naira ta ƙarshe.

Bonas ba kyauta ba ne a wurin hukuma

Kuskuren farko daga sunan yake farawa. Mu a bakinmu kyauta ce, oga ya ji daɗin aiki ya yi alheri. A doka kuwa, duk abin da wanda ya ɗauke ka aiki ya ba ka saboda aikin da kake masa, kuɗin aiki ne: albashi, alawus, kuɗin hutu, kuɗin ƙarin lokaci, da bonas. Duka ana tara su wuri guda a matsayin abin da ka samu a shekarar. Babu wani haraji na musamman da aka ware wa bonas, babu kuma rangwame na musamman.

Sannan dokar ƙwadago ta Najeriya ba ta wajabta wa kowa biyan wata na goma sha uku ba. Wasu kamfanoni suna rubuta shi a takardar ɗaukar aiki, wasu sai shekarar da ciniki ya yi kyau. Wasu gwamnatocin jihohi ma suna yi, kamar Oyo a ƙarƙashin Gwamna Seyi Makinde. Idan yana cikin takardarka ta ɗaukar aiki, haƙƙinka ne ka nema. Amma adadin da aka rubuta a can kafin haraji ne, sai fa idan an fito fili an ce kamfani zai ɗauki nauyin harajin.

Harajin shekara ne, ana dai karɓarsa wata-wata

Wannan shi ne gindin maganar, wanda ya gane shi ya gane saura. Gwamnati ba ta lissafa harajinka a kan wata. A kan shekara take lissafawa, daga Janairu zuwa Disamba. Abin da akanta ke yi shi ne ya ɗauki albashinka na shekara, ya fitar da harajin shekarar gaba ɗaya, ya raba shi gida goma sha biyu, yana cire kashi ɗaya duk wata yana kai wa hukuma. Tsarin da ake kira PAYE ke nan, ma'anarsa biya yayin da kake samu.

Kuma harajin shekarar hawa-hawa ne. Daga ranar 1 ga Janairun 2026 sabuwar dokar haraji ce ke aiki, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025. Ga hawan kamar yadda suke a cikinta, a kan kuɗin shekara bayan an cire abubuwan da doka ta yafe:

Naira 800,000 na farko: babu haraji.
Naira 2,200,000 da ke biye: kashi 15 cikin 100.
Naira miliyan 9 da ke biye: kashi 18.
Naira miliyan 13 da ke biye: kashi 21.
Naira miliyan 25 da ke biye: kashi 23.
Abin da ya haura miliyan 50: kashi 25.

Yawancinmu a hawa na biyu muke, wasu kaɗan a na uku. Sauran na manya ne, mu bar musu.

Yadda na kwatanta wa Baba abin shi ne da rijiyar makiyaya. A ce mai rijiya ya ce shanu takwas na farko su sha kyauta, daga na tara kowace sai an biya. Ka zo da ashirin, ka biya na goma sha biyu, in ka raba kuɗin a kan duka ashirin sai ka ga kowace saniya ta sha da araha. Da yamma ka ƙaro biyu. Waɗannan biyun ba su da rabo a cikin kyautar, domin takwas ɗin farko sun riga sun shanye ta tun da safe. Cikakken kuɗi za ka biya a kansu. Mai rijiya bai ƙara farashi ba, kai ne ka saba da kuɗin da aka gauraya da kyauta. Baba ya ce to ai wannan ko yaro ya sani. Na ce haka ne, amma in an rubuta shi a takardar albashi sai ya rikita babba.

Bonas shi ne shanun yamma. Albashinka na wata goma sha biyu ya riga ya cinye naira 800,000 ɗin da ba a taɓawa, ya cinye rangwamen fansho da na haya. Lokacin da bonas ya iso ba abin da ya rage ya kare shi, sai ya zauna a saman tulin, a cire masa kason hawan da ka riga ka kai.

Mu bi lissafin Yaya da sabuwar doka

Zan yi amfani da sabuwar doka domin ita za ku gani a takardunku daga yanzu. Albashin Yaya 200,000 ne a wata, a shekara 2,400,000.

Da farko a cire fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci yana ba da aƙalla kashi 8 cikin 100, kamfani kashi 10, kuma ana lissafa shi a kan ainihin albashi da alawus na gida da na sufuri. A takardar Yaya waɗannan ukun sun kama 150,000, saboda haka fanshonsa 12,000 ne a wata, 144,000 a shekara. Wannan kuɗin ba a ɗora masa haraji.

Sai rangwamen haya, wanda sabon abu ne. Mai zaman haya ana yafe masa kashi 20 cikin 100 na hayar da ya biya a shekara, amma rangwamen ba ya wuce 500,000. Yaya yana biyan 300,000 a Sabon Gari, rangwamensa 60,000.

In ka cire 144,000 da 60,000 daga 2,400,000, saura 2,196,000. Wannan ne kuɗin da haraji zai hau. Naira 800,000 na farko su wuce ba a taɓa su ba, saura 1,396,000. Kashi 15 cikin 100 na wannan shi ne 209,400. Harajin shekara ke nan. A raba gida goma sha biyu, 17,450 a wata.

Yanzu ku lura da abin da ido ke gani. Mutum yana ganin 17,450 a kan 200,000, wato bai kai kashi 9 cikin 100 ba, sai ya ɗauka kasonsa ke nan. Alhali tun tuni yana cikin hawan kashi 15. Abin da ya sauko da shi ƙasa shi ne kyautar 800,000 da rangwamen da aka baza a kan watanni goma sha biyu.

Sai bonas na 200,000 ya shigo a Disamba. Kuɗin da haraji zai hau ya tashi daga 2,196,000 zuwa 2,396,000. Bai kai miliyan 3 ba, inda hawa na biyu ya ƙare, don haka duk bonas ɗin kashi 15 ne: 30,000. A watan Disamba layin PAYE zai nuna 17,450 da 30,000, wato 47,450. Kuɗin da ya shigo ya ninka sau biyu, haraji kuma ya kusa ninkawa sau uku. Nan ne mutum yake jin an zalunce shi.

Abin da ya faru da Yaya a 2025 shi ne wannan, sai dai da tsohuwar doka. A waccan, hawan suna farawa daga kashi 7 su ƙare a 24, kuma akwai rangwamen bai-ɗaya na 200,000 da kashi 20 cikin 100 na abin da ka samu. Albashinsa ya riga ya kai shi bakin hawan kashi 21. Daga bonas ɗin aka yafe kashi 20, saura 160,000, aka cire musu kashi 21, ya ba da 33,600. Su ne kuɗin da muka nema muka rasa. Wannan rangwamen na kashi 20 yanzu babu shi, sabuwar doka ta soke shi ta kawo na haya, saboda haka kada wani ya ɗauko lissafin 2025 ya auna takardar bana da shi.

Wani abu da ya ba ni dariya da na gama lissafin. A wata na yau da kullum, bayan fansho da haraji, Yaya zai tafi gida da 170,550. Daga bonas kuma 170,000 zai samu, domin a kamfaninsu ba a cire fansho daga bonas. Bambancin naira 550 ne kacal. Wato da tun farko ya sa a ransa cewa bonas zai zo kamar albashin da ya saba karɓa a hannu, da ba a yi rigima ba. Abin da ya ɓata masa rai shi ne ya ƙirga dubu ɗari biyu cif, har mun kashe su a baki.

Mai ƙaramin albashi ya fi jin abin

Da na fara lissafa wa abokai, sai na ga wanda abin ya fi girgizawa mai ƙaramin albashi ne. Ɗauki mai gadi da ke karɓar 80,000 a wata, 960,000 a shekara. A ce fanshonsa da rangwamen hayarsa sun haɗu sun kai 80,000, saura 880,000. Da 80,000 kawai ya haura layin da ba a biya, harajinsa na shekara 12,000, wato 1,000 a wata. Ba ya ma lura da ita.

A ba shi bonas na wata guda, 80,000. Duk kuɗin a saman layi suke, kashi 15, wato 12,000. Takardarsa ta Disamba za ta nuna 13,000 a inda ya saba ganin 1,000. Ninki goma sha uku. In ba a yi masa bayani ba, wallahi ba zai yarda ba sata ba ce, kuma ban ga laifinsa ba. Amma lissafin daidai yake, kuma har yanzu 68,000 sun shiga aljihunsa waɗanda da ba su nan.

Idan bonas ya tsallaka da kai hawa na gaba

Akwai maganar da ke yawo a majalisa cewa bonas yana iya jefa mutum cikin babban hawa a ci dukan albashinsa da sabon kaso, har ma gara a ƙi karɓa. Ba haka abin yake ba. Kowane kaso yana cin abin da ya faɗo cikin hawansa ne kawai.

A ce direban babbar mota ne a wani kamfani a Apapa, bayan an cire masa fansho da haya kuɗinsa na shekara 2,900,000. Saura 100,000 ya cike miliyan 3. Aka ba shi bonas 300,000. Dubu ɗari na farko suna cikin hawan kashi 15, harajinsu 15,000. Sauran 200,000 sun shiga hawan kashi 18, harajinsu 36,000. Jimla 51,000, ya tafi da 249,000. Albashinsa na sauran watanni ba abin da ya taɓa shi. A cikin waɗannan hawan babu inda ƙarin kuɗi zai mayar da kai baya, ko a can ƙololuwa kashi 25 ne iyaka.

Haka kuma roƙon akanta ya raba maka bonas gida uku ko huɗu ba ya rage komai, tunda duk cikin shekara ɗaya ne kuma jimlar shekara ake dubawa. Zai dai sa cirewar ta yi sauƙin kallo.

Inda akanta kan yi kuskure da gaske

Ba kullum ne takarda ke da gaskiya ba. Kuskuren da ya fi yawa, kuma ya fi wuyar ganewa, shi ne a ɗauki kuɗin Disamba kamar haka kake samu kowane wata. Wanda ke lissafi da kwamfuta, in ya zuba bonas a layin albashi maimakon layin biya na sau ɗaya, sai na'ura ta ga 400,000 ta ninka sau goma sha biyu, ta ɗauka Yaya mai miliyan 4 da dubu 800 ne a shekara. Bayan fansho da haya saura 4,596,000. Harajin wannan a shekara 617,280 ne, domin wani ɓangare ya shiga kashi 18, in an raba goma sha biyu 51,440. Abin da ya kamata kuwa 47,450. An ci shi 3,990 a banza, a kan kuɗin da bai taɓa samu ba.

Yadda za ka gane abu ne mai sauƙi, ko da wayarka. Ɗauko takardar Nuwamba da ta Disamba. Cire PAYE na Nuwamba daga na Disamba, abin da ya rage shi ne harajin bonas. Raba shi da kuɗin bonas ɗin. A lissafin daidai na Yaya, 47,450 a cire 17,450 saura 30,000, a raba da 200,000, kashi 15 cif. A na kuskure kuwa saura 33,990 ne, kusan kashi 17, kuma mutumin da duk abin da ya samu a shekara bai kai miliyan 3 ba ba shi da hanyar da zai wuce kashi 15. Da ka ga haka ka san akwai magana. Sharaɗin wannan gwajin shi ne albashinka bai canza ba tsakanin watannin biyu, ba a kuma haɗa maka da wani ariyas ko kuɗin hutu ba.

Na biyu ya shafi wanda ya fara aiki a tsakiyar shekara, kuma wannan ya fi yawa a cikinmu masu zuwa kudu bayan damina. A ce ka fara a Satumba da albashin 200,000, kuma kafin nan ba ka da wani abin shiga a shekarar. Wata huɗu 800,000 ke nan. A cire fansho 48,000, saura 752,000, ba ka ma kai layin biya ba. In an ba ka bonas 60,000 ka koma 812,000, haraji zai hau 12,000 ne kawai, wato naira 1,800 a duk shekarar. Amma in akanta ya lissafa ka kamar wanda ya yi wata goma sha biyu, zai riƙa cire maka dubu goma sha wani abu duk wata, ya kuma cire 9,000 daga bonas. Wannan kuɗi ne da ya wuce abin da ake bin ka, kana da damar neman a daidaita.

Sauran ƙanana ne. Wani akanta yakan yanke wa kowa kaso ɗaya daga bonas, mai shara da manaja, don ya huta da lissafi. Wani kuma ba harajin ne ya ƙaru ba, bashin ƙungiyar adashi ta ma'aikata ne ko kuɗin da ka ranta a ofis aka zare gaba ɗaya da aka ga kuɗi sun shigo. Shi ya sa alat na banki ba ya isa hujja, jimla kawai yake nunawa. Ka nemi takardar albashi ka ga kowane layi da sunansa.

Kuma rangwamen haya ba ya zuwa da kansa. Sai ka bayyana hayar da kake biya, ka kai rasit. Na san yadda muke zama a Legas, mutum biyar a ɗaki ɗaya, kuɗi a hannu ake ba mai gida ba takarda. To wanda bai kai shaida ba, lissafinsa zai tafi babu rangwamen. Ga Yaya wannan 60,000 ɗin tana rage masa harajin 9,000 a shekara. Ba dukiya ba ce, amma ta fi ƙarfin a bar ta saboda ƙyuyar karɓar rasit.

Ina kuɗin suke zuwa, wa za ka tambaya

Harajin albashi na jihar da kake zaune ne, ba jiharka ta asali ba, ba kuma lalle jihar da kamfani yake ba. Na Yaya yana zuwa hukumar tara kuɗin shiga ta jihar Taraba a nan Jalingo. Ɗan Jalingo da ke zaune a Agege, nasa na hukumar Legas ne. Wanda ke kwana a Ibafo ko Mowe yana shiga Legas aiki da safe, nasa na Ogun ne. Wannan yana da amfani ranar da za ka nemi takardar shaidar biyan haraji, domin in an kai kuɗinka jihar da ba ita ba, za ka je ka tarar babu sunanka.

Kamfani yana da zuwa ranar 10 ga wata mai biye ya kai abin da ya cire, wato na Disamba ya isa kafin 10 ga Janairu ta wuce. Zuwa 31 ga Janairu kuma dole ya miƙa wa hukuma bayanin abin da ya biya kowane ma'aikaci da abin da ya cire masa a shekarar da ta gabata. Saboda haka in ka ga kuskure a Disamba, kada ka bari. Tsakanin ranar biya da ƙarshen Janairu gyara yana da sauƙi, akanta zai iya daidaitawa kafin ya rufe littafin shekara. Bayan nan sai ka bi ta hukumar jiha da takardun albashinka na shekarar kana neman a mayar maka ko a lissafa maka a gaba, kuma wannan tafiya ce mai cin takalmi.

In za ka je wurin akanta, kada ka shiga da “an cuce ni”. Tambaya biyu za ka yi: nawa ne jimlar kuɗina na shekara da haraji ya hau, kuma a wane kaso aka lissafa bonas? Wanda ya yi aikinsa daidai zai amsa maka a minti biyu. Ka kuma tabbatar lambar harajinka tana jikin bayananka a ofis, don abin da aka cire ya shiga da sunanka.

Mu kuma 'yan kasuwa da ba mu da takardar albashi, wannan tsarin na cirewa wata-wata bai hau kanmu ba, namu lissafin daban ne, kai tsaye tsakaninmu da hukuma. Baba da ya ji duk bayanin cewa ya yi shi dai gara jangali, ana ƙirga shanu a gabanka ka san abin da ka biya.

Yaya bai je ya yi faɗa ba. Ya koma ofis ya tambayi akantan tambayoyin nan biyu, mutumin ya juyo masa da kwamfuta ya nuna masa 160,000 da kashi 21, daidai da abin da na rubuta masa a bayan littafin Baba. Bijimin kuwa mun saya, ni na cike gibin 33,600 daga kuɗina, da sharaɗin zai biya ni in mun sayar. Na bana mun riga mun lissafa: in albashinsa bai canza ba kuma aka sake ba su wata guda, 170,000 zai sa a ransa, layin PAYE kuma ya nuna 47,450.